Ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu

"Na ƙara wata ɗaya a kan 31 ga Janairu 2025, Excel ya ba ni 28 ga Fabrairu, JavaScript kuma 3 ga Maris. Wanne ne daidai?"

Malam, matsalar ita ce babu 31 ga Fabrairu, dole kowace manhaja ta yanke hukunci. `EDATE` na Excel yakan tsaya a ranar ƙarshe ta watan. Shi kuwa `setMonth` na JavaScript sai ya zuba rarar kwana 3 cikin Maris. Da a 2024 ne, mai Fabrairu 29, 2 ga Maris za ka gani.

In lissafin albashi ko haya ne, bi hanyar Excel. Amma ka riƙa ƙirgawa daga ranar asali, don in ka ɗora daga 28 ga Fabrairu, 28 ga Maris za ka samu maimakon 31.