Wili yana juyi 600 a minti: zagaye nawa zai yi kafin birki ya tsayar da shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba mu wannan a aikin gida: wili ne cikakken faifai, nauyinsa kilo 20, daga tsakiya zuwa baki mita 0.3, yana juyi 600 a minti. Aka danna robar birki a bakinsa da ƙarfin niyuton 50, kuma μ ɗin gogayya 0.4. Zagaye nawa zai yi kafin ya tsaya? Ni na samu 27,000, abokina ya samu 296, bayan littafi kuma an rubuta 47. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Littafin ne ke da gaskiya, amma kai da abokinka duk kun kamo hanya. Na gwada lambobinku na ga inda kowanne ya zame, kuma zan nuna maka. Kafin nan ina so ka ga lissafin ta hanyar da nake ganin ta fi zama a kai, wato hanyar kuzari.

Wilin da ke juyawa yana ɗauke da kuzari a jikinsa. Birki ba ya kwashe wannan kuzari gaba ɗaya. Gutsurarsa yake yi yana mai da shi zafi, kuma muddin ƙarfin dannawar bai canza ba, abin da yake gutsura a kowane zagaye ɗaya ne, ko wilin na gudu ko ya kusa tsayawa. Ka ɗauka buhun hatsi ne ake ɗibar kwano ɗaya kullum. In ka san abin da ke cikin buhun, ka san girman kwanon, ai ka san kwanakin da zai yi. To, tambayarka ke nan. Abu biyu za mu nema: kuzarin da ke cikin wilin, da wanda birki ke ci a zagaye guda.

Mu fara da abin da birki ke ci. Niyuton 50 ɗin nan ba shi ne ke tsayar da wilin ba. Wannan ƙarfi yana danna robar ne kai tsaye zuwa tsakiyar wilin, kuma ƙarfin da ya nufi tsakiya ba ya iya juya wili ko ya rage masa juyi. Ka gwada tura ƙyaure daga gefensa kana nufar inda aka maƙala shi, ba zai motsa ba. Abin da ke aiki shi ne gogayyar da dannawar ta haifar, wadda ke jan bakin wilin baya:

f = μN = 0.4 × 50 = 20 N

Wannan gogayya tana aiki ne a nisan mita 0.3 daga tsakiya, don haka ƙarfin murɗawarta, wanda ake rubutawa da τ, shi ne:

τ = fR = 20 × 0.3 = 6 N·m

A zagaye ɗaya, bakin wilin yana wucewa ta ƙarƙashin robar har tsawon kewayensa, wato 2π × 0.3, kimanin mita 1.885. Gogayyar niyuton 20 a kan wannan tsawo ta ci kuzarin jul 37.7. In ka bi ta τ × 2π, wato 6 × 6.283, nan ma 37.7 za ka samu. Wannan shi ne kwanonmu.

Saura buhun. A nan muna buƙatar abu biyu. Na farko shi ne I, wato taurin kan wili wajen canza juyinsa. Ba nauyi kaɗai ke kawo shi ba, har da inda nauyin ya taru. An ce mana cikakken faifai ne, saboda haka:

I = ½MR² = ½ × 20 × 0.3² = 0.9 kg·m²

Na biyu shi ne saurin juyi, kuma a nan ne ka zame. Juyi 600 a minti magana ce ta masu inji, ita ake bugawa a jikin injin lantarki ko janareta. Amma ƙa'idojin da muke aiki da su ba su san minti ba, ba su kuma san zagaye ba. Daƙiƙa suka sani da radiyan. Juyi 600 a minti shi ne juyi 10 a daƙiƙa, kuma kowane juyi radiyan 2π ne:

ω₀ = 10 × 2π = 62.83 rad/s

Yanzu kuzarin da ke cikin wilin:

E = ½Iω₀² = ½ × 0.9 × 62.83² ≈ 1776.5 J

Raba buhu da kwano: 1776.5 ÷ 37.7 ya ba da 47.1. Wilin zai yi cikakken zagaye 47 da ɗan ɗoriya, kamar kashi ɗaya cikin goma na zagaye, sannan ya tsaya cik.

Na san a aji wataƙila ta ɗaya hanyar aka koya muku, kuma ita kuka bi. Ba ta da laifi, amsa ɗaya take bayarwa. Ana fara nemo yadda saurin juyi ke raguwa a kowace daƙiƙa, α = τ/I = 6 ÷ 0.9 = 6.67 rad/s². Sai a ɗauko ƙa'idar ω² = ω₀² − 2αθ, inda θ shi ne jimillar juyin da wilin ya yi, a sa ω ya zama sifili tunda wilin ya tsaya, a samu:

θ = ω₀² ÷ 2α = 3948 ÷ 13.33 ≈ 296

Ga 296 ɗin abokinka. Duk aikinsa daidai ne, sai dai ya ajiye biro da wuri. Wannan lamba radiyan ce, ba zagaye ba. Da ya raba ta da 2π da ya ga 47.1 ta fito. Kai kuma ka samu α daidai, amma ka zuba 600 yadda take a gurbin ω₀. Ka ninka 600 da kanta ka samu 360,000, ka raba da 13.33, sai ga 27,000. Abin da ya sa kuskuren ya yi girma haka shi ne ana ninka ω₀ da kansa. Lambar da ka sa ta fi ta gaskiya kusan sau tara da rabi, da aka ninka ta da kanta sai bambancin ya haura sau casa'in, sannan ga rabawa da 2π da ba a yi ba.

Abin da nake so ya zame maka ɗabi'a shi ne gwada amsa da hankali kafin ka miƙa takarda. Wilin nan juyi 10 yake yi a daƙiƙa lokacin da yake kan ganiyarsa. Ko da bai rage gudu ko kaɗan ba, kafin ya cika zagaye 27,000 sai ya yi daƙiƙa 2,700, wato minti 45. Wane irin birki ne za a danna minti arba'in da biyar wili bai tsaya ba? Akwai kuma gwaji mai sauƙi da nake ba ɗalibaina. Lokacin tsayawa shi ne ω₀ ÷ α, wato 62.83 ÷ 6.67, kimanin daƙiƙa 9.4. Tunda saurin yana sauka ne daidai-wa-daida daga juyi 10 a daƙiƙa zuwa sifili, matsakaicinsa 5 ne. Ninka 5 da 9.4 ka ga 47. In hanyoyi biyu sun haɗu a lamba ɗaya, hankalinka ya kwanta.

Akwai wani kuskure na uku da ba ku yi ba amma ina yawan ganinsa a takardun jarrabawa: a manta da μ a ɗauki niyuton 50 a matsayin gogayya. Wanda ya yi haka zai samu τ na 15 da zagaye kusan 19. Wannan ya fi haɗari, don 19 lamba ce mai kama da gaskiya, ba ta tayar wa mutum da hankali kamar 27,000.

In ka haɗa komai wuri ɗaya, adadin zagaye n = Iω₀² ÷ 4πτ. Ka tsaya ka kalli wannan layi da kyau, domin daga shi malami yake juya tambaya. In aka ninka ƙarfin birki sau biyu, ko aka sa roba biyu kowacce tana danna da niyuton 50 kamar yadda birkin keke ke kama wili ta gefe biyu, zagayen zai koma rabi, kimanin 23 da rabi. In nauyin kilo 20 ɗin duk ya taru a baki kamar zobe, I zai zama MR², wato 1.8, zagayen ya koma 94, alhali nauyi da girma ba su canza ba. Amma sauri shi ne babba. In wilin yana juyi 1,200 a minti, lokacin tsayawa sau biyu kawai zai ƙaru, zuwa daƙiƙa 18.8, zagayen kuwa sau huɗu, zuwa 188. Dalili a fili yake: ya daɗe sau biyu yana juyawa, kuma a tsawon lokacin matsakaicin saurinsa ma sau biyu ne.

Wannan dai shi ke sa yawancin zagayen ya faru tun da farko. A wilinka, cikin daƙiƙa 4.7 na farko saurin ya sauka zuwa rabi, amma ya riga ya yi zagaye 35. Sauran 12 ɗin ne yake ja a hankali a rabin lokaci na biyu.

Sai iyakar wannan lissafi, don kada ka ɗauke shi inda bai dace ba. Mun ɗauka τ bai canza ba daga farko har ƙarshe. A zahiri robar birki in ta yi zafi sosai ko ta jiƙe, μ yana raguwa, sai wilin ya zarce abin da muka lissafa. Mun kuma yi watsi da gogayyar boris da ta iska, waɗanda su kuma suna ɗan taimaka wa birkin. Sannan R ɗin da ke cikin τ nisan inda roba ke taɓawa ne daga tsakiya. A tambayarka baki take taɓawa, shi ya sa R ɗaya ya yi mana aiki biyu. In birkin yana kama ƙaramin faifai ne kusa da tsakiya, kamar na gaban wasu babura, to nisan wannan wurin za ka sa a τ, shi kuma I ya ci gaba da amfani da girman wilin.

Abu mafi muhimmanci shi ne wilin tambayarka a sake yake, yana juyi a kan ƙarfensa bai ɗauki kowa ba. Je ka wurin mai gyaran keke ka ga lokacin da ya kifa keke ya wulwula ƙafar da hannu. Yana matse birki take tsayawa, ko zagaye ɗaya ba ta cikawa. Keken nan kuma in mutum yana kai a titi, birkin nan dai sai an yi 'yar tafiya kafin ya tsayar da shi. Mahayi da keke masu nauyin kilo 80 da ke tafiyar mita 5 a daƙiƙa suna ɗauke da jul 1,000, alhali ƙafa mai kilo ɗaya da rabi, ko da duk nauyinta a baki yake, kuzarin juyinta a wannan sauri bai kai jul 20 ba. Don haka in tambaya ta ce wilin yana ƙarƙashin abin hawa yana birgima a ƙasa, sai ka ƙara ½Mv² na dukkan abin hawan a kan ½Iω² na ƙafafun, ka raba jimillar da abin da birkunan suke ci a zagaye ɗaya.