Saƙon da ake tura wa wanda aka haɗu da shi a baje kolin guraben aiki

"Jiya a baje kolin guraben aiki na yi magana da jami'ar ɗaukar ma'aikata ta wani kamfani, har ta ba ni katinta. Me zan rubuta mata, kuma yaushe?"

Ɗan'uwa, wannan zullumin duk mun san shi. Ka tura yau ɗin nan, kafin awa 24 ta cika, cikin lokacin aiki, kuma ta imel ɗin da ke jikin katin.

Abin da ke da ciwo shi ne, da wuya ta tuna da kai. Ta yini a tsaye tana maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya zo teburin. Wasu jami'an ma, Allah ya kyauta, za su yi maka fara'a, su ce "lallai ka tuntuɓe ni", ka koma gida kana lissafin albashi, ka rubuta, shiru. Ka yi ta duba waya har cikin dare kana zargin kanka, alhali katin nan kowa aka miƙa wa. Don haka saƙonka ne zai tuna mata ko kai wane ne.

A layin take ka sa sunan taron, sunanka da gurbin da kake nema. A ce na akanta ne, kuma ta ambaci manhajar da suke aiki da ita:

"Malama, barka da aiki. Ni ne wane, wanda ya tambaye ki jiya game da gurbin mataimakin akanta, kika ce kuna son wanda ya iya Excel. Da shi na yi wata shida ina daidaita lissafin kuɗin shiga da na fita a inda na yi horon aiki. Na cike fom a shafinku da safen nan, lambar gurbin kaza. Ko akwai wanda ya kamata in tura wa takarduna kai tsaye? Na gode da lokacinki."

Ka lura tambaya ɗaya ce, wadda za ta iya amsawa da layi guda. "Ki taimaka mini da aiki" kuwa ba shi da amsa, shi ya sa ake tsallake shi. Fom ɗin ma ka fara cike shi kafin ka rubuta, in ba haka ba abin da za ta ce maka ke nan, damar ta wuce.

Takardar tarihin karatunka da aikinka ka haɗa ta a PDF, da sunanka a jikin fayil ɗin. Don Allah ban da saƙon murya, ban da "salam" tsura kana jiran a amsa kafin ka faɗi abin da ya kawo ka. In kuma kamfanoni uku za ka rubuta wa, duba sunan kowanne kafin ka aika, wurin kwafa ake barin sunan wani a saƙon wani.

In mako ya cika shiru, ka sake tuntuɓa sau ɗaya a ƙarƙashin saƙon farko, layi biyu, don ta ga na baya ba sai ta nema ba.