Ƙarfe uku na yi sai ido ya bushe: me ya kamata in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 46, ina sayar da yadi a Kano. Nakan kwanta 9:30 na dare, barci ya ɗauke ni nan take, amma ƙarfe 3 na yi sai in farka, in yi ta juyi har kiran asuba. Bayan salla nakan koma daga 6 zuwa 7:30. Ba na shan komai sai shayin majalisa bayan isha'i. Mai kemis ya ce in zaɓa tsakanin D5, Firiton da melatonin. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka bar kuɗinka a aljihu tukuna, domin babu ko ɗaya cikin ukun da ya dace da matsalarka. Abin da suka fi iyawa shi ne su taimaki wanda barci ya ƙi ɗauka da farkon dare, kai kuwa nan ba ka da damuwa.

Mu fara da melatonin, tunda shi mutane ke ɗauka ba shi da illa. Jiki na rage rabinsa cikin ƙasa da awa ɗaya, don haka wanda ka haɗiya da tara, kafin uku ya daɗe da tafiya. Aikinsa na gaskiya shi ne gyara agogon jiki, kamar ga wanda ya yi doguwar tafiya a jirgin sama. Sannan abin da ke rubuce a jikin kwalbar ba lallai ne shi ke ciki ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Guelph ta Kanada sun auna irin waɗanda ake sayarwa a kanti, suka tarar wasu ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da aka rubuta ba, wasu kuma sun ninka shi fiye da sau biyar. Firiton maganin mura da ƙaiƙayi ne, barcin da yake sawa ɓarin aikinsa ne kawai. Cikin 'yan kwanaki jiki ke sabawa da shi, sai a bar ka da bushewar baki da nauyin kai, kuma ga namiji mai manyanta yana iya riƙe fitsari.

D5 kuwa, wato dayazefam mai miligiram 5, shi ne wanda zan ce ka guje wa da ƙarfi. Zai iya kai ka asuba, gaskiya ne. Amma yakan kwana ya wuni a jini, har ya zarce kwana guda, don haka da shi za ka hau babur da safe, da shi za ka yi lissafin ciniki. Cikin mako biyu zuwa huɗu na sha kullum jiki kan fara dogara da shi, ranar da ka bari kuma rashin barcin ya dawo fiye da na da. Magani ne da bai halatta a sayar ba sai da takardar likita, kuma mai kemis ɗin da ya miƙa maka shi haka kawai bai yi maka gata ba. Wanda ya riga ya saba da shi kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan na iya jawo rawar jiki har da jijjiga. Likita ne zai rage masa a hankali.

Yanzu mu zo ga ƙarfe ukun kanta. Barci zagaye-zagaye yake yi, kowane zagaye kimanin minti 90. Barci mai nauyi, wanda ko ganga aka buga ba ka ji, yawancinsa a farkon dare yake. Bayan awa huɗu ko biyar sai ya koma marar nauyi mai yawan mafarki, kuma a daidai wannan lokaci jiki ke fara ƙara sinadarin kotizol mai shirya mutum ga tashi. Kowa na ɗan farkawa a nan, sai dai mafi yawa sukan juya su ci gaba ba tare da sun tuna ba. Abin tambaya a kanka shi ne me ya sa ba ka komawa.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Barcinka na dare awa biyar da rabi ne, na safe awa ɗaya da rabi, jimla awa bakwai. Wannan ya kai abin da ake so babban mutum ya samu. Amma zamanka a gado awa tara ne, in muka ɗauka kana tashi salla da biyar. Bakwai cikin tara bai kai kashi 80 cikin ɗari ba, likitocin barci kuwa kashi 85 zuwa sama suke nema. Wato ka shimfiɗa wa barcin awa bakwai gadon awa tara, ragowar awa biyun su ne kake cinyewa da juyi. Barci kamar yunwa yake: wanda ya san zai ci ƙosai da hantsi, bai cika cinye tuwon dare ba. Jikinka ya saba cewa akwai ragowa bayan asuba.

Ba zan ce ka bar barcin safe gaba ɗaya ba, tunda kasuwa ba ta buɗewa da sassafe kuma yana yi maka amfani. Ka mayar da shi awa ɗaya, daga 6 zuwa 7, ka sa ƙararrawa. Sannan ka ɗaga lokacin kwanciya zuwa ƙarfe 11, ka tashi 5 kullum, har ranar Lahadi. Awa bakwai ke nan a gado, daidai da abin da kake samu yanzu. Kwanakin farko za su yi maka wuya, gyangyaɗi zai kama ka tun goma, kada ka biye masa a kan kujera, ka miƙe ka ɗan zaga tsakar gida. Kowace safiya ka rubuta lokacin da ka kwanta da kimanin tsawon zamanka ido biyu. Idan ka yi mako guda kana samun sama da awa biyar cikin shidan nan na dare, sai ka dawo da kwanciya baya da minti 15, zuwa 10:45. Haka za ka riƙa yi mako-mako har farkawar ta fara dawowa, sai ka koma matakin da ya gabata ka tsaya a nan. Wannan tsari wani ɓangare ne na maganin da ƙungiyar likitoci ta American College of Physicians ta ce a 2016 shi za a fara gwadawa kafin ƙwaya ga mai daɗaɗɗen rashin barci. Direban doguwar tafiya, da mai farfaɗiya, da mai larurar ƙwaƙwalwa irin wadda ke hawa da sauka, kada su taƙaita barci haka sai da shawarar likita.

Idan ka farka kuma ka ji kamar an yi minti ashirin barci bai dawo ba, sauka daga gadon. Kada ka duba agogo, balle waya, domin da zarar ka ga 3:10 ƙwaƙwalwa za ta shiga lissafin saura nawa, daga nan ta zarce bashin da ke kasuwa. Koma wani wuri mai ƙarancin haske, ka yi nafila ko tasbihi ko ɗan karatu, sai ido ya yi nauyi ka dawo. Dalilin shi ne watannin da ka yi kana juyi sun koya wa jiki cewa gado wurin tunani ne, kuma da maimaici ake warware wannan.

Shayin majalisa ba ƙaramin abu ba ne kamar yadda ka ɗauke shi. Sinadarin kafeyin da ke ciki yana ɗaukar awa biyar zuwa shida kafin rabinsa ya fita, don haka wanda ka sha da takwas da rabi, rabinsa na nan a jikinka da biyun dare. Gajiya kan danne shi da farkon dare, shi ya sa kake ganin ba ya hana ka barci. Goro ma haka, da lemon ƙara kuzari, da maganin ciwon kai irin Panadol Extra, wanda shi ma ke ɗauke da kafeyin. Daga azahar ka rufe wannan ƙofa na mako biyu ka gani. Zama a majalisa dai ba sai da kofi a hannu ba, ko da abokai za su tsokane ka.

In akwai abin da za ka kashe wa kuɗi, gwajin suga da awon jini ne, musamman idan fitsari ne ke tayar da kai sau biyu ko fiye. Ka kuma tambayi iyali ko kana minshari mai ƙarfi har numfashi ya riƙa ɗaukewa. In haka ne, maganin barci haɗari ne gare ka ƙwarai, kuma asibiti za ka nufa.

Tambaya: Ni mace ce mai shekara 49 a Zariya. Tsakar dare nake farkawa jiƙe da gumi, zuciya na bugawa. Na tara ɗan kuɗi a adashe: sabuwar katifa zan saya ko fanka mai caji?

Amsa: Hajiya, fankar. Katifa na da laifi ne idan ciwon baya ko na ƙugu ke tayar da mutum, ko ta lotsa a tsakiya, ke kuma zafi ne ke tayar da ke. Sabuwar katifar soso mai kauri ma takan ƙara riƙe ɗumin jiki, balle in an bar ledarta. In ledar taki na nan har yanzu, cire ta yau, ki shimfiɗa zanin auduga.

Wajen sayen fankar, ƙarfin batir za ki duba, ba faɗin fuka-fuki ba. Awannin da ake rubutawa a kwali yawanci na lamba mafi ƙanƙanta ne, a lamba babba ba ta kai rabin haka. Fankar da aka kunna da goma ta mutu da biyu ita ce ma za ta tashe ki. Ki nemi wadda ake samun batirinta a kasuwa don canji, in da hali mai faifan sola, ki bar ta a ƙaramar lamba.

Sai dai fanka sauƙi za ta kawo, ba za ta taɓa tushen ba. A shekarunki, abin da ya fi kawo wannan gumi shi ne gabatowar ɗaukewar al'ada, wadda yawanci ke zuwa tsakanin shekara 45 da 55, kuma likitan mata na da magungunan da ke rage shi. Amma idan akwai tari na mako biyu ko fiye, ko rama, ko zazzaɓin yamma, ki je a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Bugun zuciya da rama tare da rashin jure zafi kuma na iya zama matsalar tayirod, wata halitta da ke gaban wuya, gwajin jini ke nuna shi. Idan kuwa farkawar na zuwa da ƙuncin rai, kin daina jin daɗin abin da kika saba so har mako biyu, ki faɗa wa likitan wannan ma da bakinki, domin farkawa kafin lokaci na daga cikin sanannun alamun ciwon damuwa, kuma maganinsa daban ne da na gumin.