Me ya sa farashi ke zamewa idan kasuwa ta yi zafi?

Tambaya: Na danna sayen oza 100 na zinari a kan dala 2,400 daidai lokacin da rahoton ayyukan yi na Amurka ya fito, amma aka ba ni a kan 2,400.75. Dillalina ne ya cuce ni? Yaya zan kauce wa wannan?

Amsa: Malam, ba lallai ne a ce an cuce ka ba. Farashin da kake gani a allo na kayan da suka fi araha ne a wannan daƙiƙa, kuma kayan suna da iyaka. A ce oza 30 kaɗai ake sayarwa a kan 2,400, wasu 30 a kan 2,400.50, sauran 40 kuma a kan 2,401.50. Odar kasuwa umarni ce cewa a saya maka nan take ko nawa ne, don haka za ta kwashe na farko, ta haura na biyu, ta ƙarasa da na uku. Idan ka haɗa lissafin, matsakaicin farashinka ya zama 2,400.75, wato dala 75 sun tafi tun kafin cinikin ya motsa. Wannan shi ake kira zamewar farashi.

Abin ya fi tsananta lokacin manyan rahotanni, saboda bankunan da ke ajiye tayin saye da sayarwa sukan janye shi don gudun asara, ga kuma ɗan jinkirin da ke tsakanin wayarka da na'urar dillali. Rahoton da ka ambata yakan fito ranar Juma'ar farko ta wata, da ƙarfe 1:30 ko 2:30 na rana agogon Najeriya da Nijar, gwargwadon canjin agogon Amurka. Shawarata ita ce ka ɗaga hannu na mintuna kaɗan kafin fitowarsa da bayanta, har tazarar farashin saye da na sayarwa ta koma yadda ka saba gani.

Idan dole ne ka shiga, yi amfani da Buy Limit, domin ba za a saya maka sama da farashin da ka rubuta ba, sai dai mai yiwuwa kasuwa ta wuce ta bar ka. Akwatin Deviation na manhajar ciniki ta MetaTrader, inda kake rubuta iyakar zamewar da ka yarda da ita, yana taimakawa, amma a irin asusun da ake kira Instant Execution yake aiki.

Inda na fi jin tsoro shi ne Stop Loss, wato iyakar da ka sa don a rufe maka ciniki kafin asara ta yi yawa, domin da zarar farashi ya taɓa shi, odar kasuwa yake zama. Ranar 15 ga Janairu, 2015, da babban bankin Suwizalan ya cire shingen da ya hana yuro ɗaya sauka ƙasa da faran 1.20 na kuɗin ƙasar, an rufe wa mutane da yawa ciniki nesa ƙwarai da inda suka sa iyaka. Saboda haka ka rage girman cinikinka yadda zamewa mai yawa ba za ta cinye jarinka ba.

Game da dillalin kuwa, duba tarihin cinikinka na watanni. Zamewa ta gaskiya takan zo maka da riba wani lokaci. Idan kullum a kanka take faɗawa, har a lokacin da kasuwa ke kwance, to ka nemi bayani a rubuce.