Shin dole ne a ci abinci cikin minti 30 bayan ɗaga ƙarfe?

"Assalamu alaikum. Ina ɗaga ƙarfe a nan Damagaram, an ce mini in ban ci abinci mai gina jiki cikin minti 30 da gama motsa jiki ba, wahalata ta tashi a banza. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na shekara goma sha ɗaya ina wannan harka, kuma ni ma a farko da dafaffen ƙwai nake zuwa a aljihu. Maganar tana da tushe, amma an ƙuntata ta fiye da kima. Tsokar da aka wahalar takan ci gaba da karɓar furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki, da kyau har awa 24, ba rabin awa kawai ba. A shekarar 2013 masana motsa jiki da abinci Brad Schoenfeld da Alan Aragon da James Krieger sun tattara binciken da aka yi a kan wannan, suka ga cewa yawancin ribar da ake jingina wa cin abinci da wuri daga yawan furotin ɗin da mutum ya ci a yini take fitowa.

Abin da ya kamata ka duba shi ne yaushe ka ci na ƙarshe kafin ka fara. Idan ka ci shinkafa da wake da nama bayan azahar, ka ɗaga ƙarfe bayan la'asar, abincin nan bai gama shiga jini ba, don haka babu laifi ka jira tuwon dare, muddin tazarar da ke tsakanin cin biyu ba ta wuce awa huɗu zuwa shida ba. Wanda ya fita da asuba cikinsa wayam, ko mai azumin da ya yi motsa jiki dab da magariba, shi ne ya kamata ya hanzarta. A watan azumi ni kaina haka nake yi: dabino da ruwa, sannan nono da ƙwai tun kafin isha'i.

A ce nauyinka kilo 70 ne. Kana buƙatar kusan giram 1.6 na furotin a kowane kilo, wato giram 112 a yini, kuma ya fi kyau ka raba shi ci huɗu, kowanne kusan giram 28. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar giram 6, kofin madara 8, dafaffen nama giram 100 kuma kusan 25. A nan ne samarinmu da yawa suke faɗuwa, kuma abin yana damuna: sai yaro ya sayi garin furotin mai tsada ya sha a kan lokaci, amma sauran yinin koko ne da fura mai ɗan nono kaɗan. Idan wata biyu suka wuce ƙarfen da kake ɗagawa bai ƙaru ba, lissafa abincin yini da barcinka tukuna.

Ɗan ƙwallo ko ɗan kokowa da zai sake fita fili kafin awa takwas su cika, hukuncinsa daban ne. Shi ya gaggauta cin shinkafa, fura ko dabino da zarar ya gama, domin ya mayar da sukarin da tsoka ta ƙone kafin zagaye na biyu.