Kwali arba'in, oben ɗaya: abin da zai faru da mai kek ɗin labarinki

"Assalamu alaikum 'yan gida. Ina rubuta gajeren labari ne a kan wata budurwa mai yin kek a Zariya, wadda bidiyonta na farko ya yaɗu har oda ta fi ƙarfinta. Ban taɓa gasa kek ba. Masu sana'ar, don Allah me ke faruwa a zahiri? Ba na so wadda ta san harkar ta karanta ta yi mini dariya."

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki zauna ki yanke wane irin oben yarinyar nan take da shi, domin shi ne zai riƙe miki labarin gaba ɗaya. Fulawa idan ta ƙare a tura yaro kasuwar Sabon Gari, ƙwai idan ya ƙare akwai shago a bakin layi, hannu idan ya yi kaɗan a kira ƙanne da maƙwabta. Oben ne kawai ba ya jin lallashi. Minti ashirin ɗinsa minti ashirin ne, ko mutum ɗari ke jira a waya.

Mu ɗauka tana zaune gidan iyayenta a Tudun Wada, kap-kek take yi, wato ƙananan kek ɗin da ake gasawa a kofin takarda, tana da ƙaramin oben na gas mai cin tire ɗaya mai gurbi 12. Ta saka bidiyon ranar Laraba da daddare, zuwa yammacin Alhamis ta amsa wa mutane kwali 40, kowane kwali guda 12, duk na ranar Asabar, saboda ranar ce ta biki da walima da zagayowar ranar haihuwa. Kap-kek 480 ke nan. Kowane tire yana cin kusan minti 20 a wuta mai zafin digiri 180, a ƙara minti biyar na cirewa da jera takarda da zuba wani kwaɓin. Zagaye 40 sau minti 25 ya ba ki sa'a 16 da minti 40, na gashi zalla. Ba a sa lokacin kwaɓi ba, ba a sa sanyaya ba, ba a sa ado ba, ba a sa naɗe kwali ba, balle sallah da barci. Adon kaɗai, ko rabin minti take yi a kan kowane ɗaya, sa'a huɗu ne cur, kuma hannunta zai fara rawa tun kafin ta kai rabi. Mace ɗaya da irin wannan oben, idan ta yi kwali 15 masu kyau a wuni ta yi ƙoƙari.

Kada ki zuba wa mai karatu wannan lissafin kamar darasin aji. Ki bar yarinyar ta yi shi da kanta, amma a makare, misali daren Alhamis bayan isha, da biro a bayan wani kwali, bayan kuɗin mutane sun riga sun shiga asusunta. Wannan wurin ne cikin mai karatu zai ɗuri ruwa tare da nata.

Kayan aikin kuma ga kimarsu. Kwaɓi ɗaya na gama-gari shi ne fulawa giram 250, suga giram 250, bota giram 250, ƙwai huɗu, ƙaramin cokali biyu na bekin foda, ɗan madara da filebo, ya ba da ƙanana kusan 24. Kwaɓi 20 take bukata, wato kilo biyar-biyar na fulawa da suga da bota, da ƙwai 80, kiret uku saura kaɗan tunda kiret 30 ne. Aisin, wato haɗin bota da suga da ake yi wa saman kek ado da shi, zai ci wata botar kusan kilo biyar da sugar aisin kusan kilo goma. Abin da sababbi suka fi mantawa shi ne kwali da takardar gindi. Sau da yawa kek yana nan a gashe, abin da za a zuba shi ne babu, kuma masu sayar da kayan kek ba sa kwana a shago.

Yanzu ga inda gaggawa ke ɓata aiki, kuma kowane kuskure yana da kamanninsa da za ki iya nuna wa mai karatu. Abu na farko da za ta yi shi ne cusa tire biyu a oben mai cin ɗaya. Tiren ƙasa zai tare zafi, gindinsa ya ƙone ya yi ɗaci, na sama kuma ya fito fari fat, a tsira tsinke a tsakiya ya fito da danƙo. Na biyu, za ta kwaɓa mai yawa a babban roba don ta huta. Bekin foda yana fara aiki ne da zarar ya haɗu da ruwa-ruwa, don haka kwaɓin da ya yi sa'a biyu yana jiran layi ba zai tashi kamar na farko ba. Tiren farko ya yi tozo mai kyau, na takwas ya fito a kwance, da nauyi a hannu. Sai kuma buɗe ƙofar oben tun minti goma bai cika ba don a leƙa. Iska mai sanyi ta shiga, tsakiyar kek ya lotsa ya yi rami. Ƙaramar miksar hannu ma ba a yi ta don aikin wuni ba. Bayan kwaɓi huɗu ko biyar a jere za ta ɗauki zafi, ta fara warin ƙonewar waya, idan ba a bar ta ta huce ba ta mutu. Ko kuma a ɗauke wuta, yarinya ta koma buga bota da suga da muciya.

Amma wanda ya fi kai mai kek ga kuka shi ne aisin. Kek sai ya huce sarai kafin a yi masa ado, kap-kek yana so a ba shi kamar minti 40 a sarari. Idan da sauran ɗumi a cikinsa, furen da aka matsa zai yi kyau na minti biyu, sannan ya fara ƙyalli, gefensa ya saki, ya zame ya kwanta. Idan kuma aka rufe kwali da ɗumin, gumi ya taru a murfi ya ɗiga, takardar gindi ta saki jikin kek. Saboda haka ki zaɓi watan labarinki da gangan. A Maris da Afrilu, zafin Zariya kaɗai ya isa ya narkar da aisin ɗin bota a kan tebur ba tare da oben ya taimaka ba. Da hunturu aisin yana tsayawa ƙyam, amma bota takan daskare ta ƙi buguwa, kek ɗin da aka bari a buɗe kuma ya bushe kafin safiya. Ni a ganina bazara ta fi ba ki labari.

Sai kaiwa. Kwali 40 ba gida ɗaya za su ba. Wata tana Samaru wajen jami'a, wata Kongo, wata cikin birni bayan Ƙofar Doka, wata Hanwa, wata Wusasa, kuma kowacce ta ce kafin azahar. Daga Tudun Wada zuwa Samaru tafiya ce sosai, sai an ratsa PZ da Kwangila. A bayan ɗan acaɓa kwali yana karkata, ado ya shafi murfi. A Keke Napep ya fi aminci idan an ajiye shi a shimfiɗe an riƙe, ba a jera fiye da uku a kan juna ba. Hoton da kwastoma za ta turo, na furanni da suka manne a murfi, da saƙon "Wannan ne abin da na gani a bidiyo?", ya ishe ki fage guda.

Kuɗin ma akwai tarko a ciki, kuma marubuta sukan ɗauka yawan oda yawan riba ne. Mai farawa takan sa farashi ne da lissafin fulawa da ƙwai da suga kawai, ta manta gas, kwali, kuɗin mota, data, da wanda ya ƙone. A kwali biyu a mako ba za ta ga giɓin ba. A kwali 40 zai fito fili. Ƙari a kan haka, odar a warwatse take: wasu a akwatin saƙon Instagram, wasu a WhatsApp, wasu a ƙarƙashin bidiyon, wasu sun kira mahaifiyarta kai tsaye. Dole ɗaya ta ɓace, biyu su cakuɗe, mai cakulet ta karɓi banila. Akwai wadda za ta turo hoton rasit alhali kuɗi bai shiga ba, akwai wadda ta ce "ki yi kawai, in an kawo zan tura", ranar Asabar wayarta a kashe. Shi ya sa waɗanda suka daɗe a sana'ar ba sa fasa ƙwai sai an biya aƙalla rabi, kuma sai sun buɗe asusu sun gani da idonsu.

To me ya sa ba ta ce a'a ba tun farko? Nan ne labarin yake, ba a fulawa ba. Kada ki mai da ita mai haɗama, ba za ta gamsar ba. Kunya ce da tsoro. Wata biyu tana saka hoto ba mai tankawa sai ƙawayenta uku, yau ga waya tana ta ƙara, gani take idan ta mai da mutum ɗaya duk za su watse. Sannan a garinmu oda ba daga baƙi kaɗai take zuwa ba. Matar kawunta za ta kira: "Ke 'yar nan, ashe haka kika iya? Kwali biyar nake so na walimar saukar ƙaninki." Ba maganar kuɗin gaba, ba maganar ranar ta cika. Wace yarinya ce za ta ce wa wannan babu wuri? Ki sa wannan odar ta zo ta ƙarshe, bayan ta riga ta gane lissafin bai fita.

Mafitar da mai sana'a za ta yarda da ita ba ta da yawa. Za ta rufe karɓar oda a daren, ta rubuta a fili cewa Asabar ta cika. Za ta jera sunaye a littafi ɗaya bisa wanda ya fara biya da wanda ranarsa ba ta ɗaguwa, domin walimar aure ba ta jira, amma mai kwaɗayin kek kawai za ta iya karɓa ranar Talata. Za ta rage kala zuwa ɗaya ko biyu, ado iri ɗaya. Kap-kek marar ado yana kwana lafiya a roba mai murfi, don haka gashi ranar Juma'a, ado da asubahin Asabar kafin rana ta ɗaga. Za ta iya roƙon wata babbar mai kek a unguwa ta ara mata oben na 'yan sa'o'i ko ta karɓi wani kaso na odar, amma ki sani kowane oben da halinsa, tiren farko a baƙon oben gwaji ne, kuma kek ɗin wata ba zai yi ɗanɗanon nata ba. Sauran kuwa sai kira, da bakinta ba da saƙo ba, tun safiyar Juma'a yadda mutum zai samu damar neman wani wuri: "Hajiya, ki yi haƙuri, na karɓi abin da ya fi ƙarfina. In dawo miki da kuɗinki yanzu, ko in kawo miki ranar Talata?" Wasu za su yi faɗa, ɗaya ma ta yi barazanar saka ta a intanet, amma fushin wadda aka gaya wa ranar Juma'a bai kai rabin na wadda aka bari tana jira da baƙi a falo ranar Asabar ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki sa ta cika duka arba'in ɗin a dare ɗaya don ƙawaye sun zo taya ta. Ƙawaye za su naɗe kwali, su tankaɗe suga, su wanke tire, su amsa waya, amma tire ɗaya ne dai ke shiga wuta. Idan kin ba ta kwana biyu da aron oben na wuni guda, ashirin da biyar zuwa talatin abu ne da za a yarda da shi, sauran ta mai da kuɗi ko ta ɗaga rana. Ki kuma tuna silindar gas ɗin ta gidan ce, da ita ake girkin rana, don haka idan za ta ƙare, ta ƙare da tire a ciki, wajen ƙarfe biyun dare, lokacin da babu mai sayar da gas a buɗe.