Ɗalibaina sun ce ƙwan fitila yana cinye wuta

Tambaya: Ina koyar da kimiyya a ƙaramar sakandare. Duk bayanin da na yi, a jarrabawa sai yara su rubuta cewa ƙwan fitila na farko yana cinye wutar, na biyu ya sami saura. Yaya zan tsara darasi in tari wannan tun da wuri?

Amsa: Malama, yaran nan da hujjarsu. Kullum suna jin ana cewa na'ura kaza tana cin wuta, sun kuma ga batir yana mutuwa. Kalmar wuta ta haɗe musu abu biyu: cajin da ke zagaya waya, wanda ba ya raguwa, da makamashin da yake kai wa ƙwan, wanda ke zama haske da zafi. Raba waɗannan biyun shi ne aikin darasin.

Kafin ki kunna komai, zana batir biyu masu 1.5 V da ƙwai biyu iri ɗaya a jere kan zagaye guda. Sa alama a wuri uku: kafin ƙwan farko, tsakanin ƙwayayen, da bayan na biyu. Kowane yaro ya rubuta inda yake ganin amita, na'urar auna yawan cajin da ke wucewa ta waya, za ta nuna lamba mafi girma, da dalilinsa. Rubutun nan na fi ba muhimmanci, domin wanda bai faɗi zatonsa ba, ko ya ga sakamako ba zai ji an taɓa tunaninsa ba.

Sai a auna. Idan wuri na farko ya nuna 0.2 A, sauran ma haka za su nuna. Yi amfani da amita ɗaya kina matsar da ita, don amita uku kan ɗan saɓa, yara kuma su riƙe wannan a matsayin shaida. Gwada ƙwayayen tun ana gobe darasin. Idan duk da haka ɗaya ya fi dusashewa, musanya musu wuri a gabansu, su ga dusashewar ta bi ƙwan.

Nan wani zai tambaya, to me ke kashe batir? Ki shigo da amsarki a shirye: sarƙar keke. Tana zagayawa, ko gaɓa ɗaya ba ta ɓacewa, amma mai tuƙi yana gajiya. Batir shi ne ƙafar, sinadaran cikinsa ne ke ƙarewa.

Kada ki yarda da gyaɗa kai. A ƙarshe ki tambaye su: idan aka ƙara ƙwai na uku a bayan na biyu, me zai sami na farko? Wanda ya ce babu abin da zai same shi tunda wuta ta riga ta wuce shi, yana nan kan tsohon tunaninsa. Ki ba shi wayar ya haɗa da hannunsa, ya ga duka ukun sun dusashe tare.